Sharhi kan manhajar da na ba aikin raba baitocin waƙar saukar karatu

Waƙar ta wani malami ce a Islamiyyar unguwarmu, ya rubuta ta domin walimar saukar karatun ɗalibai, kuma ya turo mini ita ta waya a dunƙule, babu tazara ko ɗaya tsakanin ɗango da ɗango sai waƙafi. Ni aka ɗora wa nauyin bugawa da raba wa yara 'yan amshi. Da na ga tsawonta sai na nemi wata manhajar waya da aka ce tana tsara rubutun waƙa, na liƙa mata shi gaba ɗaya.

Aikinta na farko ya burge ni ƙwarai. Ta bi waƙafin da malam ya sa, ta sauke kowane ɗango a layinsa, ɗango 60 cif ban da amshi. Amshin mai layi biyu ne, malam ya rubuta shi sau biyu kawai, a farko da ƙarshe, ita kuwa ta gane maimaicin, ta ware shi, ta rubuta masa Chorus a sama, na goge na mayar da shi Amshi. Aikin da na zaci zai cinye mini dare ya ƙare kafin in sha shayi, har na yaba ta a gaban abokan aikina.

Ranar gwaji ne abin ya lalace. Yarinyar da ke jagora ta rera baitin farko, ta tsaya inda takarda ta ce ta tsaya, 'yan amshi suka shigo, sai malam ya ɗaga hannu ya ce ba a kai gaɓa ba. Waƙar 'yar ƙwar biyar ce: ɗango huɗu na farko suna tafiya da ƙaramin amsa-amo wanda yake sauyawa daga baiti zuwa baiti, na biyar kuma shi ke ɗauke da babban amsa-amo, wanda a wannan waƙa harafin "wa" ne tun daga farko har ƙarshe. Wannan ɗango na biyar shi ne yake rufe ma'anar baiti, kuma shi kunnen 'yan amshi yake jira kafin su karɓa. Manhajar ba ta san da wannan ba. Ta yanka waƙar huɗu-huɗu, baiti 12 suka koma 15, kowane ɗango na biyar ya faɗa cikin baitin da ba nasa ba.

Da na koma gida na duba takardar a tsanake, sai na ga alamar kuskuren a fili, kuma na ji zafin rashin lura da ita tun farko. "Wa" ɗin da ya kamata ya rufe baitin farko ya zama layin farko na baiti na biyu, na gaba ya faɗo a layi na biyu na baiti na uku, na gaba a layi na uku na baiti na huɗu. Sai a baiti na biyar ya dawo ƙarshe, sannan na goma da na sha biyar. Wato cikin baiti 15 uku ne kaɗai suka ƙare da amon da ya dace, su ma farkonsu a gutsure yake. Duk wanda ya bi ƙarshen baitoci da yatsa ya ga amon yana yawo, to rabon bai yi daidai ba.

Gyaran da hannu na yi shi. Na cire duk tazarar da ta sa, na nemi kowane ɗango mai ƙarewa da "wa" wanda ya zo bayan huɗu masu amo ɗaya, na bar layi guda fanko a ƙarƙashinsa, na sa lambar baiti, sannan na rubuta kalmar Amshi bayan kowane baiti, domin ita manhajar a wuri biyu kawai ta sa, alhali a rerawa bayan kowane baiti ake karɓa. Na lalubi wurin da zan gaya mata yawan ɗango a baiti, ban samu ba.

Ina cikin cewa duk da haka ta rage mini wahalar yanka layi, sai na tuna takardu 40 da na riga na buga na biya, waɗanda a cikinsu ƙ da ɗ suka fito kamar ƙananan akwatuna bayan ta fitar da rubutun a PDF, har wata yarinya ta kasa karanta kalmar "ɗalibai". Wanda waƙarsa 'yar ƙwar huɗu ce kuma da waƙafi a ƙarshen kowane ɗango zai iya amfana da ita. Ni dai a walima ta gaba ba zan ba ta rabon baiti ba, kuma sai malam ya duba takarda ɗaya kafin a buga sauran.