Tambaya mai harshen damo a jarrabawar Sibik: a raba ta ko a sake ta?

Malaman Sibik a nan Kaduna sun sha tambayata: idan tambaya ta fito da lahani, a raba ta gida biyu ko a sake rubuta ta? Ga wata da na gani a takardar aji biyu na ƙaramar sakandare: "Shin ba ka ganin yin zaɓe da biyan haraji wajibi ne ga kowane ɗan ƙasa nagari?"

Laifinta biyu. "Ba ka ganin" da "nagari" sun riga sun raɗa wa yaro amsa a kunne. Sannan an cusa abu biyu wuri ɗaya, alhali sashe na 24 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sa biyan haraji cikin wajibai, zaɓe kuwa haƙƙi ne. Yarinyar da ta san bambancin ita ce ta tsaya tana tauna biro. Wanda bai karanta komai ba ya rubuta "e" ya wuce. Wannan ya dame ni ƙwarai.

Rabawa ba ta cin lokaci: tambaya ɗaya kan zaɓe, ɗaya kan haraji. Sai dai takarda na ƙara tsawo, dole a sake rabon maki, kuma idan aka bar "ba ka ganin", jan ra'ayin na nan daram.

Sake rubutawa ya fi wahala, amma yana kashe laifin biyu: "Wanne daga cikin waɗannan kundin ya lissafa a matsayin wajibi?" Haɗarinsa shi ne zaɓin amsoshi, idan na daidai ya fi sauran tsawo, yara za su cafke shi. Amma tambayar da aka sake tana shekaru ana amfani da ita.

Malamin da gobe ne za a buga takarda, ya raba, ya goge kalmomin zuga. Mai tara tambayoyin zango gaba ɗaya, ya zauna ya sake.