Farashi uku daga Chaina: wanne za ka ɗauka kafin ka tura kafin alƙalami?

Wasiƙar da ƙananan 'yan kasuwarmu suka fi aika wa masana'antun Chaina ba ta wuce layi biyu: hoton kaya, sai tambayar nawa ne. Amsa takan zo da farashi mai daɗin ji, mutum ya fara lissafin riba tun kaya ba su bar ƙasarsu ba. Amma farashin da bai faɗi inda za a miƙa maka kaya ba, da adadin da dole ka saya, da ranar da za ka biya, ba a kwatanta shi da wani.

Mu ɗauki misalin ɗan kasuwar Sabon Gari a Kano da ke son filas ɗin shayi mai cin lita 2, irin na kayan ɗakin amare. Garin Yongkang a lardin Zhejiang ya yi suna wajen ƙera irinsu, kuma ta tashar Ningbo ake yawan fito da su. Wasiƙa ɗaya zai rubuta da Turanci mai sauƙi, ya aika wa wurare uku ba tare da canza ko harafi ba. Zai faɗi girman filas da launi, da cewa cikinsa ƙarfe mai lamba 304 yake so. Wannan lambar ba ado ba ce: akwai 201 mai araha, wanda ya fi saurin tsatsa, kuma idan ka yi shiru a kai, da shi mai neman ya burge ka da arha zai yanka maka farashi. Sai ya nemi farashin guda 1,000 da na 3,600, da yawan filas a katan da girman katan ɗin, da kwanakin da aikin zai ci, da kuɗin samfur, da ranar da farashin zai daina aiki. Kada ya cika baki da cewa kwantena goma zai riƙa ɗauka duk wata. Sun saba jin wannan.

A ce amsoshi sun dawo haka. Na farko dala 5.20 EXW, mafi ƙarancin oda, wato abin da suke rubutawa MOQ, guda 5,000. Na biyu dala 5.60 FOB Ningbo, wato shi zai kai kaya har cikin jirgi a Ningbo, guda 1,000 a kowane launi. Na uku dala 6.30 CFR Apapa, wato har da kuɗin jirgi zuwa tashar Apapa a Legas, guda 500 ma zai ba ka.

Ido kan na farko yake faɗawa. Sai dai EXW na nufin a ƙofar masana'anta aka sallame ka: motar da za ta kai kaya tasha, takardun kwastan na fita, kuɗin lodi, duk a wuyanka, a ƙasar da ba ka jin yarenta. Bambancinsa da na biyu santi 40 ne a guda, dala 1,440 ke nan a kan 3,600, kuma waɗancan hidimomin za su cinye kaso mai kyau daga ciki. Babbar matsalar ma a adadi take. Idan katan na cin filas 12 kuma girmansa mita kubik 0.09 ne, guda 3,600 katan 300 ne, kubik 27, daidai abin da kwantena mai ƙafa 20 ke ɗauka idan an yi lodi da kyau. Guda 5,000 sun haura kubik 37, ba za su shiga ba. Ga shi zai ɗaure dala 26,000 maimakon 20,160. Araha ba ta ado.

Na uku kuwa, wanda zai yarda da guda 500 sau da yawa ba shi ke ƙerawa ba, kamfanin dillanci ne da ke sarowa daga masana'anta. Wannan ba aibu ba ne ga mai son gwada kasuwa da 'yan katan-katan. Amma ga mai cika kwantena, sai ya cire 5.60 daga 6.30: santi 70 sau 3,600, dala 2,520. Wannan ne ake cajinsa a matsayin kuɗin jirgi da ladan dillali. Ya tambayi ejan ɗin jigila nawa ne kwantena daga Ningbo zuwa Legas a wannan watan, domin kuɗin jirgi hawa da sauka yake yi, sannan ya ga ko an yi masa adalci. Kuma kada sunan Apapa ya ruɗe shi. A CFR, kamar a FOB, da zarar kaya sun hau jirgi a can asara ta koma kansa, sannan kuɗin kwastan da na fito da kaya a Legas ba sa ciki.

Idan aka yi maka tayin CIF, wanda ya haɗa da inshora, ka ce a cire ta. Dokar Najeriya ta tanadi a yi wa kayan shigowa inshora a kamfanin gida, kuma banki zai nemi wannan takardar kafin ya buɗe maka Form M, wato takardar izinin shigo da kaya, don haka biya biyu za ka yi. Saboda Form M ɗin kuma, ko ka daidaita a FOB, ka roƙi takardar farashi, wato Proforma Invoice, ta nuna kuɗin kaya daban, kuɗin jirgi daban, da lambar HS ta kayan, wadda kwastan ke rarraba kaya da ita. Ka kuma tambaye su tun a wasiƙar farko ko sun taɓa yin SONCAP, wato takardar shaidar ingancin kayan da za a shigo da su Najeriya. Wanda ya taɓa aika kaya Najeriya ba zai tambaye ka mene ne shi ba.

Adadin oda ana cinikinsa, in ka san abin da ya jawo shi. Yawanci launi ne da buga tambari, saboda wanke injin fenti don guda 300 asara ce gare su. Ka ce za ka karɓi launin da suke yi yanzu, da kwalinsu na yau da kullum, sai ka ga adadin ya sauko.

Saura biyan kuɗi, inda aka fi kuka. Abin da aka saba shi ne T/T, wato turawa ta banki: kashi 30 kafin alƙalami, kashi 70 ciko. A farashin na biyu, dala 6,048 ke nan da 14,112. Tambayar ita ce yaushe cikon zai fita. Masana'anta za ta so kafin lodi. Kai ka nemi sai ka ga kwafin B/L, takardar da ke shaida kaya sun hau jirgi. Sabon abokin ciniki ba kasafai ake yi masa wannan alfarma ba, to in sun ƙi, ka sa sharaɗi a rubuce cewa sai wakilinka ko kamfanin duba kaya ya buɗe katan ya gwada da samfurin da ka amince da shi. L/C, wato banki ya tsaya maka lamunin biya, ya fi kariya, tunda banki ba ya sakin kuɗi sai takardu sun cika, amma yana da caji da ɗawainiya, banki takarda yake dubawa ba filas ba, kuma ƙananan masana'antu kan noƙe a odar dala dubu ashirin. Trade Assurance, tsarin kare mai saye na shafin Alibaba, ya dace da odar gwaji, muddin ta cikin shafin ka biya. Wanda ya ce ka biya duka tun farko, a bar shi ga kuɗin samfur kawai.

Ni a wannan misali na biyu zan ɗauka, launi uku, 1,200 kowanne. Kafin in tura sisi zan duba cewa sunan da ke kan asusun banki shi ne sunan kamfanin da ke kan takardar farashi, ba sunan mutum ba. Idan kuma saƙo ya shigo ana gab da biyan ciko cewa sun canza asusu, zan kira su ta lambar da na sani tun farko, domin 'yan damfara kan kutsa imel su jira daidai wannan ranar. Sannan zan duba kalanda: a ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu masana'antu kan rufe na makonni don bikin sabuwar shekararsu, kuma kwana 35 da aka yi maka alkawari a Disamba kan iya kaiwa Maris.