Kafin Ka Sayi Kwanon Rufi: Kauri, Tazarar Katako da Ƙusa

Idan ka tambaye ni, dogon kwanon alminiyam mai kaurin milimita 0.55 zan ce ka saya, ko da za ka ƙara wata biyu kana tara kuɗi. Ana yanka shi daidai tsawon rufinka, daga ƙololuwa har bakin indararo, babu haɗi a tsakiya. Yawancin yoyo kuwa daga haɗi yake farawa. Ba ya tsatsa, kuma bai da nauyin da zai wahalar da katako. Aibinsa laushi: yana lotsewa idan aka taka shi ba a kan katako ba, kuma yana miƙewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. Kwano mai tsawon mita 10 zai iya ƙara milimita 9 tsakanin sanyin asuba da tsakar rana, shi ya sa kake jin yana ƙas-ƙas da azahar.

Kwanon ƙarfe mai rufin aluzin, wato haɗin alminiyam da zink, ba laifi idan aljihu bai kai ba, sai dai bakin da aka yanka ne ke fara tsatsa. Langa-langa ta bandir kuwa, a bar wa rumfar awaki.

Inda aka cuce ni shi ne kauri. Na biya kuɗin 0.55, rasit ma haka ya nuna. Kafinta ya jera katakon tu-bai-tiri da ake buga kwano a kai da tazarar ƙafa huɗu-huɗu, wai don ya rage mini kuɗin katako. Hadarin farko na damina, da dare, na ji ɓangaren gabas yana kaɗawa kamar ana buga tire. Da gari ya waye, ramukan ƙusa sun yage, kwano uku sun naɗe kamar tabarma. Muka auna guntun da ya faɗo, ko 0.45 bai cika ba.

Don haka kada ka yarda da baki, kada ka yarda da rubutun da ke jikin naɗin. Ko a Ƙofar Ruwa kake saye ko a wata kasuwa, je da wanda ke da ma'aunin kauri, a ɓare ledar da ke manne a jiki, a auna a gabanka, ka kuma tuna fenti ma yana ƙara ɗan kauri. Ranar da mota ta kawo kaya a sake aunawa, domin abin da aka nuna maka a shago ba lallai shi aka loda ba. Sa mayen ƙarfe a aljihu. Idan ya manne, ƙarfe ne aka shafa wa fenti, ko da mai shago ya rantse alminiyam ne. Babu sikeli a kusa? Nemo. Murabba'in mita ɗaya na shimfiɗaɗɗen 0.55 yana kusan kilo ɗaya da rabi, na 0.45 kuwa kilo 1.2 ne.

Tazarar katako kauri take bi. Ga 0.55 ba na wuce ƙafa uku, ga 0.45 ƙafa biyu zuwa biyu da rabi. Ka ga arahar siririn kwano a wurin mai katako take ƙarewa. Wanda dole ta sa ya ɗauki gajeren kwano mai ƙafa 6, ga lissafinsa: inci 72 ne, na sama ya hau na ƙasa da inci 6, saura 66. A raba uku, katako kowane inci 22, ta yadda kowane haɗi zai zauna a kan katako, ba a iska ba. Idan rufin kwantacce ne sosai, a ƙara hawan zuwa inci 8 ko 9, a sake lissafin. Ta gefe kuma, kowane kwano ya hau na kusa da shi da tudu ɗaya da rabi. Kafintan da ya hau rabin tudu don bandir ya isa, kai za ka riƙa tara bokiti a ɗaki.

A ƙasar Hausa hadari mai iska daga gabas yake tasowa, saboda haka a fara jeri daga yamma a nufi gabas, bakin kowane haɗi ya juya wa iska baya.

Ƙusa kuwa, na fi son sukuru mai wosha ta roba a kan ƙusa mai hula, domin ƙusa tana zarewa a hankali idan katako ya bushe. Ɗanyen katako shi ya fi kawo wannan. Kowacce ka zaɓa, a buga ta a kan tudu, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba, a ɗaure har roba ta zauna, ba har kwano ya lotsa ba. Kada a sa baƙar ƙusar katako a alminiyam, gefen ramin cinyewa yake yi. A layin bakin indararo da na ƙololuwa a ninka yawan ƙusa, don nan iska ke fara sa hannu.

Abu na ƙarshe da na koya da kuɗina: ranar bugun kwano ka kasance a wurin da tef ɗinka, ka auna tazarar katako kafin kwano na farko ya hau. Da zarar an rufe an sa silin, ba mai sake ganinta.