Kafin ka sayi manhajar ciniki: mai saiti takwas ko mai biyu?

A ɗauka manhajoji uku na cinikin kuɗaɗe suna gabanka, duka a kan EUR/USD, wato canjin Yuro da Dalar Amurka, kowacce da jadawalin gwajin da aka yi mata da farashin baya, daga 2015 zuwa 2022. Alƙaluman da zan kawo na misali ne. Ta farko tana da saiti takwas, layin ribarta ya miƙe sama kamar an ja shi da rula, kashi 60 cikin ɗari a shekara. Ta biyu saiti biyu kawai gare ta, ribarta kashi 12, da gargada a hanya. Ta uku tana da saiti uku, ana sake daidaita ta duk shekara, ribarta kashi 9. Ido zai tafi kan ta farko, kuma ita ce wadda ya kamata ka fi yi wa tambayoyi.

Saiti shi ne duk wata lamba da mai manhaja yake iya murzawa: kwanaki nawa za a ɗauka a fitar da matsakaicin farashi, a wace tazara za a yanke asara, a ina za a kwashi riba, ƙarfe nawa za a shiga kasuwa. In kowane saiti yana da zaɓi goma, saiti biyu za su ba da haɗi 100, takwas kuwa miliyan 100. Mai manhajar ba ya zama ya yi tunanin wanne ya dace da hankali. Kwamfuta yake bari ta lalube su, ta miƙo masa wanda ya fi riba a waɗannan shekarun. A cikin taro mai yawa haka, dole a sami wanda ya kauce wa kowace faɗuwa ta hanyar dace kawai. Ka sa mutum 1,024 su yi hasashen kwabon da aka jefa sau goma a jere. Bisa lissafi ana sa ran mutum ɗaya zai ci duka goman, ba tare da ya san komai ba.

Abin da ya sami manhaja ta farko ke nan, tamkar ɗalibin da ya haddace amsoshin jarrabawar bara bai fahimci darasin ba. Ta "koyi" cewa kada a shiga kasuwa ranar Alhamis da safe, alhali dalilin bai wuce mugayen ranaku biyu ko uku da suka faɗo a Alhamis ba. Wannan doka ta gyara jadawalin baya, amma babu abin da za ta tsinana a gaba.

Masana lissafi huɗu, Bailey da Borwein da López de Prado da Zhu, sun auna girman matsalar a wata muƙala ta 2014. Sun nuna cewa wanda ke da bayanan shekara biyar kacal, in ya gwada haɗin saiti masu zaman kansu da suka kai kimanin 45, to ana sa ran mafi kyawunsu zai nuna ma'aunin Sharpe na 1, ko da a zahiri babu ko ɗaya mai amfani a ciki. Wannan ma'auni yana kwatanta riba da yawan hawa da saukarta, kuma 1 sakamako ne da ’yan kasuwa ke gani da mutunci. Arba'in da biyar fa, ba miliyan ba. Shi ya sa tambayar da ta fi tsada ita ce: haɗi nawa ka gwada kafin ka tsaya a kan wannan? Da wuya ka ga an rubuta amsarta a talla.

Ta biyu ta bi wata hanya. Saitinta tsawon matsakaici gajere da dogo ne kawai, an daidaita su da bayanan 2015 zuwa 2019, aka kulle, sannan aka sake ta a kan 2020 zuwa 2022, shekarun da ba ta taɓa gani ba. A ce ta yi kashi 14 a kashin farko, ta yi 8 a na biyu. Raguwar ba abin tsoro ba ce, kusan kullum haka ake gani, domin ko saiti biyu ma suna kwasar ɗan dace. Abin dubawa shi ne ribar ba ta koma asara ba, kuma shekarun da aka ɓoye sun ƙunshi rikicin da annobar korona ta jefa kasuwanni a Maris na 2020, yanayin da ya sha bamban da wanda aka raine ta a ciki. Kashi 8 ɗin nan shi ne adadin da za ka yi lissafi da shi, sannan ka tabbatar an cire kuɗin dillali da tazarar farashin saye da sayarwa.

Sai dai shekarun ɓoye sau ɗaya suke aiki. In mai manhaja ya gwada, bai ji daɗin sakamako ba, ya koma ya murza saiti ya sake gwadawa har ya yi kyau, to shekarun sun riga sun shiga cikin daidaitawar, sunan ɓoye kawai ya rage. Daga waje ba ka da hanyar gane an yi haka. Abin da kake iya yi shi ne ka ƙirƙiri naka lokacin: ka tambayi ranar da aka fitar da manhajar, ka gwada ta da farashin da ya zo bayan ranar. Wannan kashi babu wanda ya isa ya leƙa shi tun da wuri.

Ta uku tana gwajin taku-taku, salon da Robert Pardo ya yaɗa tun 1992. Ana daidaitawa da 2015 zuwa 2018 a gwada a 2019, sannan a matsa, 2016 zuwa 2019 a gwada a 2020, haka har ƙarshe, sai a jera shekarun gwajin kaɗai a matsayin sakamako. Ya fi ƙarfin hujja saboda jarrabawa huɗu aka zauna maimakon ɗaya. Ka nemi ganin saitin kowane zagaye. In bana matsakaicin kwana 20 ne, baɗi ya koma 90, sannan 35, manhajar bin iska take yi. Ka kuma sani za ka ci gaba da dogara da mai ita, ko ka koyi sake daidaitawa da kanka.

Akwai gwajin da za ka iya yi cikin yamma ɗaya in an ba ka manhajar ta ɗanɗano. A dandalin ciniki na MetaTrader 5, buɗe Strategy Tester, sashen gwada manhaja da farashin baya, ka matsar da kowane saiti kaɗan: inda aka sa 50 ka gwada 45 da 55. Dabara mai tushe za ta ɗan ragu ko ta ɗan ƙaru. Wadda ta haddace tarihi kuwa, 47 zai ba da riba mai yawa, 46 da 48 su ba da asara, kuma babu wani dalili a kasuwa da zai fifita 47 a kan maƙwabtansa. A Strategy Tester ɗin akwai zaɓin Forward, wanda ke ware rabi ko sulusi ko rubu'in ƙarshen lokacin don gwaji. Ka duba yawan ciniki ma: ciniki 140 a kan saiti takwas bai kai 18 ga kowane saiti ba, yayin da ciniki 300 a kan biyu ya ba kowanne 150. Manhajar da ba a bari ka ga saitinta ba, babu yadda za ka yi mata ko ɗaya daga waɗannan gwaje-gwajen, don haka ka wuce ta.

A ganina ta farko ba ta cancanci kuɗinka ba sai ta nuna sakamako a lokacin da ba a daidaita ta da shi ba. Tsakanin sauran biyun, wanda ba ya son yawan taɓe-taɓe ya ɗauki mai saiti biyu, wanda ya iya aikin sake daidaitawa kuma ya ga saitin bai yi ta tsalle ba ya ɗauki ta uku. Ko wacce ka zaɓa, ka fara ɗora ta a asusun gwaji na wasu watanni har ta tara cinikin da za a iya kwatantawa da jadawalin da aka nuna maka, kuma tun kafin ka sa kuɗin gaske ka rubuta iyakar asarar da in ta kai za ka kashe ta.