Narka ƙwaya a ruwa ko haɗa ta da koko: wanne ya fi ga tsoho mai gyangyaɗi?

"Babanmu shekararsa 81, muna Gwammaja. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye yake yawan gyangyaɗi, wani lokacin ma ba ya gane mu. Yayata ta ce a narka ƙwayar a ruwa a ɗura masa da cokali, ni kuma na ce a daka a zuba a koko. Wanne ya fi, don Allah? Jiya ya ƙware har idonsa ya yi ja."

Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Taki dabarar ta fi, amma da sharaɗi.

Mutane suna ganin ruwa ne mafi saukin haɗiya, alhali ga mai shanyewar ɓarin jiki shi ne mafi wuya. Ruwa ba ya jira. Kafin maƙogwaro ya rufe hanyar numfashi, ya riga ya gangara, wani ya faɗa huhu. Koko mai kauri, irin wanda ke zama a cokali ba ya tsiyaya, tafiya yake a dunƙule a hankali, sai maƙogwaron ya samu zarafin shiryawa. Ayaba da aka murje ma tana yi. Ga shi yana ɓoye ɗaci, wanda in tsoho a ruɗe ya ji shi sai ya tofar ko ya datse haƙora. Ruwa bai fi koko da komai ba sai saurin haɗawa. Ɗura kuwa, irin ta toshe hanci da ɗaga haɓa, a bar ta kwata-kwata, domin karkatar da kai zuwa baya, buɗe hanyar iska yake yi.

Kokon ma yana da nasa aibin. Ba kowace ƙwaya ake dakawa ba. Duba kwalin: in kin ga SR, XR, MR ko Retard, an yi ta ne ta riƙa sakin magani sannu a hankali. Nifedifin na hawan jini yakan zo a haka, kuma in aka daka shi, abin da zai shiga jiki cikin sa'o'i da yawa sai ya shiga lokaci guda, jini ya faɗi. Mai EC, wato mai rufin da ke hana ta narkewa sai ta isa hanji, ita ma ba a dakawa. Ki kwashi kwalayen duka ki kai wa likitansa ko masanin magunguna na asibiti, a ware miki wadda za a daka da wadda za a sauya da na ruwa. Kuma kada a zuba garin a kofin koko gaba ɗaya, don in ya sha rabi ya ƙi, ba ki san nawa ya shiga ba. Cokali ɗaya ko biyu kawai, ƙwaya ɗaya a lokaci guda.

Sharaɗin shi ne ya farka. Ki kira shi, ki goge masa fuska da tsumma mai sanyi. In ya buɗe ido ya riƙe shi a buɗe, ya amsa, kuma kin ga maƙogwaronsa ya motsa yana haɗiye yawu, sai a ci gaba. In kansa na langaɓewa, ko yawu na dalala, to ba ruwa ba koko, a dakata. Gyangyaɗin da ya fi na kullum, ko ya hana shi shan magani har lokaci ya wuce, na asibiti ne: ku nufi sashen gaggawa na Murtala ko na Malam Aminu Kano. In yana da ciwon suga, a gwada sugan tukuna, kada a ba shi maganin rage suga alhali bai ci abinci ba.

Da na yi jinyar kakata, haka muke yi: a zaunar da ita sosai da filo biyu a baya, haɓa ta ɗan sunkuya, ni kuma in zauna ƙasa-ƙasa da ita don kada ta ɗaga kai. Rabin cokalin shayi, ta ɓangaren bakin da ke da lafiya. Sai in ce, "Hajiya, ce a'a'a." In muryar ta fito garau, mu ƙara. In ta fito da gargara kamar mai kurkure maƙogwaro, mu tsaya. Wata rana na haska bakinta da fitilar waya na tarar da maganin safe maƙale a kumatun da ya shanye, bayan azahar! Tun daga nan nake duba baki kowane lokaci, kuma ba ta kwanciya sai bayan minti 30.

In ya ƙware yana tari, bar shi ya yi tarin, ki sunkuyar da shi gaba, kada a kora masa ruwa. In sauti ya ɗauke, a buga tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu har sau biyar, in bai fito ba a matsa saman cikinsa sau biyar, wani na neman mota.

Tun da ya ƙware jiya, ki sa masa ido kwana biyu zuwa uku. Zazzaɓi, numfashi sama-sama ko sabon tari mai majina na iya nuna wani abu ya shiga huhu, kuma wasu tsofaffin abu kan shiga ba su yi tari ko ɗaya ba. Ki gaya wa likitansa zancen ƙwarewar nan, ki roƙa a gwada haɗiyarsa kafin a ci gaba da ba shi ruwa zalla.