Goge takalmi a Manchesta da a Kano

Ƙanena, bayan gaisuwa. Saƙonka ya iso, na in aiko maka da man feshin nan mai hana ruwa shiga takalmi. Zan aiko idan ka nace, amma fara jin abin da na gani tukuna.

A nan babu yaro mai akwatin shushaina da zai biyo layi yana ƙwanƙwasa burushi. Tun zuwana ban ga ko ɗaya a unguwarmu ba. Kowa shi ke goge nasa, shagon gyara kuma kuɗinsa na iya kai ka ga tunanin sayen sabo. Ko gwangwanin Kiwi da muka taso da shi ya yi wuyar gani, don kamfanin ya daina sayar da shi a Birtaniya, sai irin su Cherry Blossom. Amma fa suna da kaya kashi-kashi: akwai mai laushi kamar man shafawa wanda ke ratsa fata ya ciyar da ita, akwai mai kaki da ke zama a sama ya ba da ƙyalli, sannan akwai dubbin, haɗin kitse da mai da kaki, wanda ba ya ƙyalli sam amma yana tare ruwa.

Sau-cikin nan baƙi da na taho da shi, hunturun farko ya gama da shi. Hunturunsu jiƙaƙƙe ne, yayyafi ba dare ba rana, kuma suna watsa gishiri a titi saboda ƙanƙara. Na dawo daga aiki takalmin sharkaf, sai na ɗora shi kan hitar ɗaki. Da safe ya ƙandare kamar ƙilishi, ga wani farin zane ya zagaye shi, bayan mako biyu kuma ya tsage daidai inda yatsu ke lanƙwasawa. Zafin ne ya zuƙe man da ke cikin fatar, gishirin ya ƙarasa. Wallahi na ji zafin rashinsa, don Baba ne ya saya mini.

Wani dattijo mai gyaran takalma ne ya koya mini gyaran abin. Idan takalmi ya jiƙe, a cire igiya, a cusa masa tsohuwar jarida, a sauya ta in ta sha ruwa, a bar shi nesa da wuta kwana ɗaya ko biyu. Farin zanen gishiri kuwa ruwan tsamin binega ke cire shi, kashi ɗaya cikin ruwa kashi biyu, a goga da tsumma. Sai ya bushe sarai ake sa mai laushin, a bari minti goma sha biyar, a goge da burushi, sannan a bi da mai kaki siriri. Ya nuna mini da yatsa inda ruwa ke shiga: ɗinkin da ya haɗa fata da tafin takalmi. Nan nake cusa dubbin da tsohon burushin haƙori. Lokacin ruwa ina sa kaki duk mako, dubbin kuma sau ɗaya a wata. Gwajin ba wuya. Ka ɗiga ruwa a kai, in ya dunƙule ya gangara, da sauran kariya; in ya baje fatar ta yi duhu, lokaci ya yi.

To kai a Kano abokin gabarka daban ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ce da bushewar iska. Ƙura tana maƙalewa cikin lanƙwasar fata tana cin ta kamar yashi, kuma yawan mai shi ke kama ta. Kuskuren da muke yi a gida shi ne kullum a miƙa wa mai shushaina, shi kuma ya lafta sabon mai kan ƙurar jiya, har kakin ya yi ɓawo yana farfashewa. Ka kakkaɓe da burushi duk yamma, minti ɗaya ya isa. Kaki sau ɗaya a mako biyu, mai laushi sau ɗaya a wata saboda bushewa. Dubbin kada ka kusance shi da hunturu, danƙonsa zai tara maka ƙasa. Ka ajiye shi sai damina ta kankama, wajen Yuli da Agusta, kuma in takalmin ya jiƙe kada ka shanya shi a rana, ranar Kano ta fi hitata zafi.

Shi feshin, an fi yin sa ne don fata mai gashi-gashi wadda ba a sa mata mai. Naka sumul ne, kaki ya wadatar. Abin da zan sa maka a jakar mai zuwa shi ne burushin gashin doki da gwangwanin mai laushi baƙi. In kana son abin tare ruwa, ka samu kakin zuma da man kaɗe a kasuwa, ka narka su tare, ka fara gwadawa a bayan dunduniya don yana sa fata duhu. Ka gaida Inna, ka kuma turo mini lambar ƙafarka.