ACCA, CIMA, ACA ko CPA: wanne zai ɗauke maka jarrabawa saboda digirinka, kuma guda nawa ya kamata ka karɓa

Wanda ya gama digiri a fannin akanta ya zo zaɓen takardar ƙwarewa, tambayarsa ta farko kusan kullum ɗaya ce: jarrabawa nawa za a ɗauke mini? Tambayar tana da kyau, domin kowace jarrabawa watanni ce na karatu. Amma ni da wata tambaya nake auna ƙungiyoyin nan, wato wace ce za ta gaya maka abin da za ta ɗauke maka a fili, tun kafin ka ba kowa ko sisi. A kan wannan ma'auni ACCA na zaɓa, wato ƙungiyar ƙwararrun akantoci mai hedikwata a Birtaniya, kuma ba na ɓoyewa.

Bari in fara sallamar sauran. CPA ta Amurka ba ta ɗauke wa kowa komai saboda digiri. Digirin naka izinin shiga kawai yake ba ka, sai ka zauna sassa huɗu cif, kuma lasisin a hannun hukumomin jihohin Amurka yake, kowace da sharuɗɗanta. In ba a can za ka yi aiki ba, ko a kamfanin da ke tsara asusunsa bisa ƙa'idojin can, wuce kawai. ACA ta ICAEW, ƙungiyar akantocin Ingila da Wales, takarda ce mai daraja, tana kuma la'akari da karatun baya, sai dai ba za ka kammala ta ba sai ka sami ma'aikatar da ICAEW ta amince da ita ta ɗauke ka horo na aƙalla shekara uku, wanda ya haɗa da kwana 450 na aiki. Wanda bai da wannan ma'aikata, yawan abin da aka ɗauke masa ba zai kai shi ko'ina ba. CIMA kuwa ta wanda ya riga ya yanke shawarar zama cikin kamfani ce, yana lissafin tsadar kaya da kasafi da tsare-tsare. Tana iya tsallakar da mai digiri zuwa mataki na sama, amma ba hanyar mai son odit ba ce.

Tsarin ACCA a yanzu jarrabawa 13 ne a mataki uku. Na farko guda uku: BT, MA da FA, wato harkar kasuwanci, lissafin gudanarwa da tushen tsara asusu. Na biyu guda shida: LW ta shari'a, PM ta auna ƙwazon kamfani, TX ta haraji, FR ta rahoton kuɗi, AA ta odit, FM ta sarrafa kuɗi. Na ƙarshe guda huɗu: SBL ta jagorancin kasuwanci da SBR ta babban rahoton kuɗi dole ne, sannan ka zaɓi biyu daga AFM, APM, ATX da AAA, wato zurfafan matakan sarrafa kuɗi, auna ƙwazo, haraji da odit. Iyakar abin da ake ɗaukewa tara ne, wato mataki na farko da na biyu. Huɗun ƙarshe babu digirin da ke ɗauke su, ko da na uku ne. Bayan jarrabawa akwai darasin ɗa'ar aiki da kuma wata 36 na aiki a ƙarƙashin mai sa ido. ACCA ta sanar da sabon tsari da zai fara a 2027, saboda haka mai rajista yanzu ya duba yadda za a mayar da abin da ya samu cikin sabon tsarin.

Abin da ya sa na fi natsuwa da ita shi ne Exemptions Calculator, manhajar lissafin ɗaukewa da ke shafinta. Ka sa sunan jami'a, da sunan digirin, da shekarar da ka gama, ya nuna maka abin da za ka samu, kyauta, ba tare da ɗan tsakiya ba. A nan ne mutane da yawa ke fara gane cewa ba jami'a ake tantancewa ba, kwas ake tantancewa, kuma na wasu shekaru ƙayyadaddu. Mutum biyu za su fito daga tsangaya ɗaya, ɗaya ya sami tara ɗaya ya sami huɗu, saboda shekarar gamawarsu ta bambanta, ko saboda ɗaya bai ɗauki darasin haraji ko na odit ba a cikin na zaɓi. Digirin akanta da ba a tantance shi ba galibi huɗun farko yake samu: BT, MA, FA da LW. Daɗewa a bakin aiki ba ta ɗauke komai, sai takardar karatu.

Kuma ɗaukewar ba kyauta ba ce. Kowace jarrabawar da aka ɗauke maka sai ka biya mata kuɗi, ga kuɗin rajista, ga kuɗin shekara. Wanda aka ba tara zai ga bil mai nauyi tun bai buɗe littafi ba. Lokaci ake rage maka, kuɗin kuwa kaɗan ne ke raguwa in ka cire na makarantar koyarwa da littattafai.

Yanzu ga inda na fi so mai karatu ya tsaya. Jarrabawar ƙarshe a kan na tsakiya aka gina su. SBR tana ɗauka ka riga ka iya FR, AAA tana zaune a kan AA, AFM a kan FM, APM a kan PM, ATX a kan TX. Mai tsara tambayar SBR ba zai koya maka haɗa asusun uwar kamfani da na 'ya'yanta ba, ya ɗauka wannan a yatsunka yake. To, digiri yakan ba da maki ta hanyar aikin gida da gwajin zango, ACCA kuwa zama ɗaya ne, kuma sai ka kai kashi 50. Wanda ya karɓi tara, jarrabawar ACCA ta farko a rayuwarsa ita ce mafi wuya.

Mu ɗauki misali. Wata ta gama digiri a 2017, ta yi aiki a sashen biyan albashi, yanzu manhajar ta nuna mata tara. Kafin ta karɓa, sai ta sauko da tsohuwar tambayar FR daga shafin ACCA, ta rufe littafi, ta sa agogo awa uku. A ce ta haɗu da irin wannan: kamfani ya sayi kashi 80 na wani kamfani a kan miliyan 900, darajar kashi 20 da ya rage a hannun sauran masu hannun jari miliyan 200 ce, dukiyar kamfanin da aka saya bayan cire bashi kuma miliyan 850 a ranar ciniki. Gudwil, wato rarar da aka biya a kan dukiyar da ake iya ƙirgawa, shi ne 900 a tara da 200 a cire 850, ya ba da miliyan 250. Sai tambayar ta ƙara cewa wani fili na kamfanin ya fi abin da ke littafi daraja da miliyan 50. Dukiyar ta koma 900, gudwil ya sauko 200. In ta yi wannan cikin 'yan mintuna ba tare da tunani mai tsawo ba, FR tana nan a kanta. In ta tsaya tana tambayar kanta ko ƙarawa ake yi ko ragewa, amsa ta fito.

Akwai kuma batun shekara. A ƙa'idojin rahoton kuɗi na ƙasa da ƙasa, IFRS 15 ta kuɗin shiga da IFRS 9 ta kadarorin kuɗi sun fara aiki a 2018, IFRS 16 ta haya a 2019. Mai digirin 2017 mai yiwuwa tsohuwar ƙa'idar haya ta koya, wadda ke barin yawancin haya a wajen takardar dukiya da bashi, alhali sabuwar ta shigo da kusan dukansu ciki. Shawarata gare ta: ta karɓi ukun farko da LW ba gardama. Ta ajiye ɗaukewar FR ta zauna ta, domin SBR ba makawa. Sauran kuma ta duba biyun da za ta zaɓa a ƙarshe. In AAA take so, ta gwada kanta a AA kamar yadda ta yi a FR. In ba za ta taɓa ATX ba, ta karɓi TX hankali kwance. ACCA tana barin ɗalibi ya ajiye ɗaukewa, amma a yi shawarar da kyau, domin da zarar ka zauna jarrabawar ba ka komawa ka ce a dawo maka da abin da ka ajiye. A tuna kuma huɗun ƙarshe suna da wa'adin shekara bakwai daga ranar da ka ci ta farko.

Sai 'yan damfara, waɗanda suka fi yawa a daidai wannan gaɓa. Wata cibiyar koyarwa ta taɓa karɓar kuɗina da alkawarin ɗaukewa tara, aka rubuta a takardar talla da manyan haruffa, da wasiƙar ACCA ta iso sai ga huɗu, kuɗin kuma ba su dawo ba. Tun daga nan duk wanda ya ce mini "za mu samo maka" na san inda ya dosa. Babu cibiya, babu wakili, babu malamin da ke ba da ɗaukewa. ACCA ce kaɗai, bayan ta ga takardar digirinka da takardar sakamako mai jerin darussan da ka ci.

Salonsu iri-iri ne. Akwai masu sayar da ƙaramar difloma ta 'yan watanni da sunan gada, wai tana ƙara maka biyar a kan huɗunka. Ka sa sunan diflomar a manhajar nan, in ba ta fito ba, ka riƙe kuɗinka. Akwai masu liƙa tambarin ACCA a allonsu suna cewa an amince da su. Amincewa da cibiya ta koyar daban, tantance kwas don ɗaukewa daban, kuma jerin cibiyoyin da aka amince da su yana shafin ACCA ga mai son dubawa. Akwai masu cewa ka ba su kuɗin rajista su biya a madadinka, su buɗe asusun da adireshin imel ɗinsu. Kada ka yarda. Asusun myACCA naka ne, da imel ɗinka da lambar sirrinka, kuma daga cikinsa za ka biya, in ba haka ba wata rana za ka tarar an cire ka daga rajista saboda kuɗin shekarar da ka ɗauka an biya.

Mafi muni su ne masu "gyara" takardar sakamako, su ƙara darasin haraji ko odit da ba ka yi ba. Wannan ya fi ɓata mini rai, domin yaran da ake yi wa galibi ba su san girman abin ba. Da sunanka aka shigar da takardar, kai za a tuhuma. ACCA tana iya tuntuɓar jami'a, tana da kwamitin ladabtarwa, tana kuma wallafa hukuncinsa da sunan mutum a fili. Wanda aka kora saboda takardar jabu, duk ma'aikatar da ta binciki sunansa za ta gani. Haka ma masu sayar da sa hannun wata 36 na aiki daga mai sa idon da bai taɓa ganinka ba, an kori mutane da dama a kan wannan.

In aikin da kake nema ya haɗa da sa hannu a rahoton odit, ka sani takardar ACCA kaɗai ba ta ba da wannan izini a ko'ina. Kowace ƙasa tana da hukumarta da dokarta, wasu sai ka shiga ƙungiyar akantocin ƙasar ko ka ƙara jarrabawar haraji da shari'arta. Ka nemi wannan sharaɗi a rubuce daga hukumar kafin ka biya kuɗin rajista.